Yadda ake tsara jerin shafukan girki a Instagram: kayan haɗi a shafi ɗaya, kowane mataki a shafinsa, da misalin masa

Mai bin girki daga waya ba a kishingiɗe take karantawa ba. Tana tsaye a madafi, hannunta da ƙulli ko mai, wayar tana jingine da robar gishiri, sai ta miƙa bayan yatsa ta ja shafi. Duk shawarar da za ki yanke a kan jerin shafukanki, tun daga girman harafi har zuwa inda za ki yanke mataki, ki auna ta da wannan matar. Idan sai ta koma baya shafi biyar kafin ta tuna yawan yis, tsarin bai yi ba, komai kyan hotunan.

Za mu yi aikin da masa, wadda wasu ke kira waina. Ta dace da misali domin tana da duk abin da ke ba mai tsara shafuka wahala: shinkafarta ana raba ta gida biyu, akwai jira mai tsawo, kuma akwai matakan da agogo ba ya yanke hukunci a kansu, ido ne ke yankewa.

Kafin a taɓa waya

Ki fara da takarda da biro a madafi. Ki yi masar sau ɗaya kina auna komai kina rubutawa, har ruwan da kika saba ƙarawa da ido. Yawancin masu iya masa ba su san adadin ruwan da suke zubawa ba, hannu ne ya sani, kuma a nan girkin da aka wallafa ya fi yawan faɗuwa a hannun wata. Dabarar mai sauƙi ce: ki auna kofi uku na ruwa a jug kafin ki fara, ki riƙa ɗiba daga ciki kawai, idan kin gama ki auna abin da ya rage. Bambancin shi ne ruwan girkinki. Ki rubuta lokacin da kika rufe ƙulli da lokacin da ya tashi, da yanayin garin a ranar. A ƙarshe ki ƙirga masa nawa aka samu.

Sai ki zaɓi ma'auni ɗaya ki tsaya a kansa. Mudu ba ya aiki a nan, domin mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, tiya ma haka. Gwangwanin madara ya fi su tabbas, amma shi ma akwai babba akwai ƙarami. Mun fi son kofi mai cin mililita 250, tare da giram a gefe ga mai sikeli. Cokali kuwa iri biyu ne kawai: ƙaramin cokali mai mililita 5, da babban cokali mai mililita 15, dukansu a shafe, ba a tsiri ba. Ki rubuta sunayensu cikakku. Gajerun haruffan Turanci da ake sa wa cokulan biyu harafi ɗaya ne ya raba su, kuma wadda ta zuba babban cokali biyu na yis a maimakon ƙarami biyu ta ninka shi sau uku, masarta za ta yi warin yis.

Filin aiki

A Canva, ko duk manhajar da kika saba, ki buɗe sabon fili ta Custom size ki sa faɗi fiksel 1080 da tsawo fiksel 1350. Wannan tsayayyen fasali ya fi mai kusurwa huɗu daidai ba da wurin rubutu, kuma shafin kayan haɗi yana bukatar wurin. Duk shafukan su zama girma ɗaya, saboda fasalin da aka zaɓa wa na farko shi aka saba yanka sauran a kai. Idan kika cusa hoto kwantacce a tsakiya, gefensa zai tafi da rabin rubutunki.

Ki bar fili na kamar fiksel 90 a kowane gefe babu rubutu. Kusurwar sama ta dama ma ki bar ta, nan ne manhajar ke nuna lambar shafi. Tun 2025 akwatunan da ke fuskar asusu sun koma dogaye, suna ɗan datse gefen hoto, don haka sunan girki a shafin farko ya zauna a tsakiya.

Hoton da kike gani babba a kwamfuta zai ƙanƙance sosai a waya. Rubutun jiki kada ya gaza fiksel 40, kanun kuma ya kai 64 zuwa 72. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: salon haruffa da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Sai ki ga an maye gurbinsu da akwati, ko an aro harafin daga wani salo ya fito karkatacce a tsakiyar kalma. Kafin ki zaɓi salo, ki rubuta “ƙulli, markaɗe, ɓawo” da manya da ƙananan haruffa ki duba. Noto Sans yana da su, Andika ma yana da su. Kada ki yarda ki zubar da ƙugiyar don salo ya yi kyau. A girki “ɗanye” da “ƙona” da “ƙulli” kalmomin aiki ne, a bar su da kamanninsu.

Shafin farko ba ya bukatar dogon tunani. Hoton masar da aka gama, ɗaya a ɓare don a ga ramukan cikinta, sai suna da layi guda: “Masar shinkafa. Guda 25 zuwa 30. A jiƙa da dare, a soya da hantsi.” Wannan layin ya gaya wa mai kallo ko za ta iya yi yau ko sai gobe.

Shafin kayan haɗi

Wannan shi ne shafin da ake ɗaukar hotonsa a tura wa ƙanwa a WhatsApp, don haka dole ya iya tsayawa shi kaɗai. Ki sake rubuta sunan girkin a samansa, da yawan abin da zai fitar, da sunan asusunki ƙarami a ƙasa. Wani dalilin kuma, Instagram kan sake nuna jerin ga wanda ya wuce shi, ta shafi na biyu. Idan babu suna a kai, mutum zai ga shinkafa da yis bai san me ake dafawa ba.

Ga yadda namu zai kasance:

Masar shinkafa, guda 25 zuwa 30
Kofi ɗaya = mililita 250

Na jiƙawa: shinkafar tuwo, kofi 2 da rabi (giram 500)
Na dafawa: shinkafar tuwo, rabin kofi (giram 100)
Na markaɗe: albasa matsakaiciya 1, ruwa kofi 1 da rabi
Na tashi: yis, ƙaramin cokali 2, sukari, babban cokali 3
Na gyaran ƙulli: gishiri, rabin ƙaramin cokali; bekin foda, ƙaramin cokali 1; ruwa, har rabin kofi
Na suya: man gyaɗa, rabin kofi
Kayan aiki: tanda, bilenda ko injin markaɗe, roba mai murfi wadda ta ninka ƙullin girma

Ki lura shinkafa ta fito sau biyu. Da gangan ne. Idan kika rubuta “shinkafa kofi 3” a layi ɗaya, mai karatu za ta jiƙa ukun duka da daddare, sai da safe ta iso matakin da ke cewa a dafa rabin kofi ta rasa inda za ta samo shi. Ko ta ɗebo sabuwa ta ɓata awon, ko ta tsallake matakin, masar ta fito da tauri, alhali dafaffiyar shinkafar ce ke ba ta laushi. Duk kayan da ake amfani da shi a wuri biyu, a raba shi tun a wannan shafin. Ruwa ma mun raba shi saboda haka.

An jera kayan bisa yadda za a ɗauke su, ba bisa muhimmanci ba. Mai karatu tana sauka daga sama zuwa ƙasa kamar yadda aikin ke tafiya. An kuma faɗi irin shinkafar. “Shinkafa” kawai ba ta isa ba, domin wadda ke gidan mutane da yawa turararriya ce ta dafa-duka, ita kuwa ba ta ba da ƙullin masa yadda ake so. Mun rubuta “rabin kofi” da kalmomi saboda ƙaramar alamar rabi tana dusashewa a waya, musamman bayan an tura hoton hannu biyu ko uku, har a karanta ta kamar 12.

Bangon da ke bayan rubutu a wannan shafin ya zama launi ɗaya fili, fari ko ruwan madara, rubutu baƙi. Jarabawar ɗora jerin a kan hoton kwanukan kayan haɗi tana da ƙarfi, amma farin rubutu yana ɓacewa a kan farar shinkafa. Idan kina son hoton, ki ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na sama, rubutu ya ɗauki sauran. In jerin ya wuce layi goma sha biyu, girkin yana da sassa biyu ke nan, kamar masa da miyar taushe. Ki ba miyar jerinta daban, kada ki matse harafi.

Inda ake yanke mataki

Mataki ɗaya ba ya nufin fi'ili ɗaya. “A wanke shinkafa a jiƙa” mataki ɗaya ne, domin a tsaye ɗaya ake yinsa, da kwano ɗaya. Ma'aunin da muke bi shi ne: a buɗe sabon shafi duk inda aka canza mazubi, ko aka shiga jira, ko kamannin abincin ya sauya har yana bukatar sabon hoto. Da wannan ma'aunin masarmu ta ba da matakai takwas. Da shafin farko, da na kayan haɗi, da na gyara a ƙarshe, sun zama sha ɗaya. A da iyakar Instagram goma ce, amma tun 2024 ta kai ashirin, don haka babu dalilin cusa matakai biyu a wuri ɗaya. Haka kuma babu dalilin cika ashirin ɗin.

Kowane shafin mataki yana ɗaukar abu huɗu a wuri ɗaya da ba ya canzawa: lamba a sama ta hagu, kamar “Mataki 3 cikin 8”, hoto a rabin sama, umarni da awonsa, sai layin alama, wato abin da za a gani idan an yi daidai. Kalmomi ashirin zuwa talatin sun isa.

Awon nan a maimaita shi a cikin matakin, ko da yana shafi na biyu. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi karyawa, kuma ita ta fi amfani. Kwatanta waɗannan biyun:

“Sai ki zuba yis da sukari ki juya.”

“Mataki 4 cikin 8. Zuba yis ƙaramin cokali 2 da sukari babban cokali 3 a ƙullin. Juya sosai da ludayi. Ƙullin ya zama da ɗumi-ɗumi kawai, idan yana da zafi a yatsa, a jira.”

Na biyun ya hana komawa baya, ya kuma tare kuskuren da ke kashe masa tun ba a fara ba. Zafi mai yawa yana kashe yis, kuma ƙulli kan ɗauki zafi daga dafaffiyar shinkafar da ba ta huce ba, ko daga bilendar da ta daɗe tana aiki. Gargaɗi irin wannan wurinsa shafin da kuskuren ke faruwa. Idan kika ajiye shi a shafin ƙarshe, sai an riga an yi ɓarnar za a karanta shi.

Sauran matakan haka suke tafiya. Na ɗaya: a wanke kofi biyu da rabi, a jiƙa awa shida ko kwana, alamarsa ƙwaya ta murƙushe tsakanin yatsu biyu. Na biyu: a dafa rabin kofi ya yi laushi sosai kamar za a tuƙa tuwo, a bar shi ya huce. Na uku: a tsane jiƙaƙƙiyar, a haɗa da dafaffiyar da albasa da ruwa kofi ɗaya da rabi a markaɗa. A nan ki ƙara layi ɗaya don masu kai markaɗe inji, cewa su tafi da ruwansu a aune su hana mai inji ƙarawa, domin ruwan da yake kora injin da shi ya isa ya tsinka ƙullin.

Mataki na biyar shi ne jira, kuma shi ya fi cancantar kulawarki. Kada ki rubuta “a bar shi awa uku” ki tsaya. Ƙullin da ya tashi cikin awa biyu zuwa uku a zafin bazara zai iya kai awa biyar ko fiye da sanyin hunturu. Mai karatunki kuma wataƙila tana Jos, wataƙila tana Sakkwato, wataƙila tana ƙasar da ake ƙanƙara. Ki ba da lokaci a matsayin kiyasi, ki ɗora hukunci a kan alama: “A rufe a ajiye a wuri mai ɗumi. Da zafi awa 2 zuwa 3, da sanyi 5 ko fiye. Ya tashi idan ya kusa ninkawa, samansa ya cika da kumfa, yana ƙamshin tsami kaɗan.” Hoton wannan shafin a raba shi biyu, kafin da bayan, roba ɗaya, daga kusurwa ɗaya. Idan robar mai nuna ciki ce, ki manna ɗan tef a inda ƙullin ya tsaya da farko. Mai kallo za ta ga tazarar da idonta, ba sai an yi mata bayani ba.

Na shida shi ne gyaran ƙulli: gishiri, bekin foda, a buga sosai, a ƙara ruwa kaɗan-kaɗan idan ya yi kauri. Kauri ba ya faɗuwa da baki. “Kamar kunu” ba ta taimaka ba, tun da kunun kowane gida da kaurinsa. Ki ɗauki hoton ludayi a sama ƙulli yana zubowa, a ga yana sauka a zare ɗaya ba ya yankewa, ba kuma ya tsiyaya kamar ruwa. Idan akwai shafi ɗaya da ya cancanci gajeren bidiyo na daƙiƙa biyar a cikin jerin, wannan ne.

Na bakwai: a ɗora tanda a wuta matsakaiciya, a sa mai kamar rabin ƙaramin cokali a kowane gurbi, a zuba ƙulli kada ya cika baki. Na takwas: a juya idan gefe ya yi ja, sama ya yi ƙananan ramuka ya daina sheƙin ɗanyen ƙulli. Mun raba zubawa da juyawa duk da tanda ɗaya ce, saboda kowanne da alamarsa da hotonsa.

Hotunan

Hoton mataki aikinsa ya nuna yadda abu yake a ƙarshen matakin, don mai girki ta duba kwanonta ta duba waya ta ga ko sun yi kama. Hoton buhun shinkafa ko na hannu riƙe da cokali ba ya yin wannan aikin. Ki ɗauka daga sama, kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, ba da fitilar waya ba. Farin ƙulli a farar roba ba ya fitowa, ki sa mazubi mai duhu ko ki shimfiɗa faranti mai launi a ƙasa. Kada ki sa tacen da ke canza launi a hoton suya. Idan kika ƙara wa masar ja a hoto, mai bi za ta bar tata a wuta tana jiran launin da ba zai zo ba har ta ƙone.

Masa tana ratsa dare da rana, don haka haske zai bambanta tsakanin jiƙo da suya. Mafita ita ce a ɗauki hoton jiƙon da safe, lokacin da aka gama jiƙawa, wanda dama shi ne abin da ake son nunawa.

Shafin gyara

Shafi na sha ɗaya ya amsa tambayoyin da dama za su zo miki. Uku ko huɗu sun isa, kowanne da dalilinsa. Masa ta shanye mai ta kwanta: ƙulli ya yi ruwa, ko tanda ba ta yi zafi ba kafin a zuba. Waje ya ƙone ciki ɗanye: wuta ta yi yawa, ko sukari ya wuce awo, ko ƙulli ya yi kauri. Ta yi tsami da yawa: ƙulli ya wuce lokacinsa, ɗan ruwan kanwa yana rage tsamin. Ba ta tashi ba sam: yis ya tsufa ko zafi ya kashe shi, a gwada shi tukuna a ruwan ɗumi da ɗan sukari, idan bai yi kumfa cikin minti goma ba a sayi sabo.

Fitarwa da gwaji

Ki sauke shafukan a matsayin PNG, rubutu ya fi fitowa tsaf da shi. Ki sa musu suna 01, 02, har 11, da sifili a gaba, don kada na goma ya tsallako ya zauna bayan na ɗaya. Idan daga kwamfuta za ki tura wa wayarki ta WhatsApp, ki tura ta Document, domin tura su a matsayin hoto yana rage musu kaifi. Wajen ɗorawa, yadda kika taɓa hotunan haka za su jeru, ki duba lambobin da ke fitowa a kansu kafin ki wuce.

Rubutun da ke cikin hoto ba ya gyaruwa bayan an wallafa, na ƙasan hoto ne kawai ake iya gyarawa. Saboda haka ki yi dubawa ɗaya ta musamman: ki riƙe shafi na biyu a hannu ɗaya, ki bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ki tabbatar kowane kaya ya fito a wani mataki, kuma awonsa a wuraren biyu ɗaya ne. A irin wannan dubawar ake gano cewa gishiri yana jerin kaya amma babu matakin da ya ce a zuba shi, ko sukari cokali uku ne a can, biyu a nan. Ki kwafe kayan haɗin a rubutun ƙasan hoto kuma, wanda ke ɗaukar haruffa har 2,200, don mai son kwafa ta tafi kasuwa da shi, da wadda ke amfani da manhajar karanta allo.

Gwaji na ƙarshe a madafi ake yinsa. Ki jingine wayar a nisan hannu, ki ga ko kina karanta awon ba tare da kin sunkuya ba. Sannan ki tura wa wadda ba ta taɓa yin masa ba shafukan, ki ce ta yi, kada ki ƙara mata bayani ko ɗaya. Duk inda ta kira ki tana tambaya, ki rubuta lambar shafin, ki koma ki gyara shi kafin ki wallafa.